Amsar da Kawu Ya Soke

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya sama mani aiki a kamfanin irin shuka. Na gama babbar difloma a fannin kasuwanci, na yi hidimar ƙasa, na dawo Ƙanƙara na yi shekara biyu ba abin da nake yi sai zaman majalisa da duba waya. Ran nan ya zo daga Sheme a kan mashin ɗin kamfani, ya ishe ni ƙofar gida, ya ce in sa riga mai kyau in hau bayanshi. A ofishin shiyya ya ce wa manaja, "Ga ɗan ƙanwata, ni na riƙe shi tun yana firamare. In ya yi ba daidai ba, ni za a tambaya." Aka ɗauke ni ƙaramin wakili.

Shi a lokacin shekararshi goma sha shida yana wakiltar kamfanin. Daga Sheme zuwa Tafoki, har can cikin Sabuwa, ba manomin kirki da bai san gonarshi ba. Ya san wanda ke shuka farar masara da wanda ke son ja, ya san wanda zai sayi iri ya ɓoye har damina ta yi nisa sannan ya zo yana cewa irin ne bai da kyau. Tsohon ɗalibin kwalejin horon malamai ne, yana karanta Turanci a hankali, yana bin layi da ɗan yatsa. Lissafi kau a ka yake yin shi, kafin ka lalubo kalkuleta ya ba ka amsa.

Yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ci mani rai. Duk inda muka je sai ya gabatar da ni da "yaron da na riƙe". Gaban dillalai zai ce, "Kai, ɗauko buhun can," ni da takardata a aljihu. Ba da mugunta yake yi ba, na sani tun a lokacin. Amma ina tarawa.

A shekarata ta biyu aka canza manaja. Sabon manajan matashi ne, mai son allo da alƙalamin rubutu a allo. Ya tara mu, wakilai goma sha ɗaya, ya ce hedikwata ta buɗe kujerar mai kula da wakilan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mutum ɗaya ake so. Za a yi jarrabawa a rubuce. Duk wanda ya samu hamsin ko fiye, sai a dubi daɗewarshi da aikinshi a zaɓa. Wanda bai kai hamsin ba, ya ce, "za mu duba matsayinshi." Ya ƙara da cewa tambaya guda ta lissafin kasuwa ita kaɗai tana ɗauke da maki arba'in.

Tun a wurin na yi nawa lissafin. In Kawu ya kai hamsin, ko da hamsin ɗin cif ne, kujera tashi ce, domin ba wanda ya kama ƙafarshi a daɗewa. In bai kai ba, ni ne mai takarda mafi girma a ɗakin. An riga an sa mani ranar aure. Ban ce zan yi wani abu ba. Na dai lura, na aje a raina.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni. "Ka zo ka koya mani abin nan naku na makaranta," ya ce. "Kada in je in ji kunya gaban yara."

Sati biyu muka yi, kullum bayan la'asar, a sitonshi na Sheme. Mu zauna kan buhunan iri, ƙaurin maganin da ake gauraya irin da shi yana shiga hanci. Ya sayi sabon littafin rubutu mai layi da biro biyu, ya rubuta sunanshi a bango kamar ɗan aji ɗaya. Na ƙirƙiro mashi tambaya irin wadda ake yi mana a makaranta. Na ce a wata kasuwa bara an sayar da buhun iri dubu takwas, bana dubu goma. A cikin na bana, kamfani na farko ya sayar da dubu biyu, na biyu dubu huɗu, na uku dubu biyu da ɗari biyar, sauran ƙananan 'yan kasuwa a haɗe dubu ɗaya da ɗari biyar.

"Abu na farko da za su tambaya shi ne kason kamfani a kasuwa," na ce. "Ka ɗauki abin da ya sayar, ka raba da abin da kasuwa duka ta sayar a shekarar, ka ninka sau ɗari."

"Na farkon? Dubu biyu cikin dubu goma. Ɗaya cikin biyar ke nan. Kashi ashirin."

"Haka ne, Kawu. Amma sai ka rubuta hanyar. In amsa kawai ka aje, rabin maki za su ba ka."

Ya yi tsaki, ya rubuta. Dubu biyu a sama, ya ja layi, dubu goma a ƙasa, sau ɗari. Rubutunshi manya ne, a tsaye, irin na malaman da.

Na biyu, bunƙasar kasuwa, ya ɗan ba shi wuya. Na ce ya cire na bara daga na bana, ya samu dubu biyu. Na ce to ya raba. Ya raba da dubu goma, ya ce kashi ashirin.

"A'a. Da na bara ake rabawa."

"Don me? Ai bana muke."

"Kawu, in ɗan maraƙi ya ƙara nauyi, da nauyinshi na da za ka gwada ka san yadda ya ƙaru. Daga dubu takwas aka taso. Dubu biyu cikin dubu takwas."

Ya kalli rufin kwano. "Ɗaya cikin huɗu. Ashirin da biyar." Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ashe nan suke kama mutane! Wallahi da na faɗa." Ya ja layi biyu ƙarƙashin kalmar bara. Wannan na koya mashi tsakani da Allah, kuma na ji daɗin koyarwar. Ina son a san haka.

Na uku shi ne kason kwatance, wato ka gwada kamfani da babban abokin gasarshi. Na ce nan ba ruwanka da jimillar kasuwa. Ka ɗauki cinikin kamfaninka, ko kasonshi, ka raba da na kamfanin da ya fi girma cikin abokan gasa. Dubu biyu a raba da dubu huɗu, ko ashirin a raba da arba'in, duk ɗaya ne: sifili da ɗigo biyar. Ba a sa mashi alamar kashi cikin ɗari, domin ninki ne. Ma'anarshi kamfanin rabin babban yake.

"Wannan ai shi muke yi kullum," ya ce. "In na shiga kasuwar Sheme ba na ƙirga kowa da kowa. Mutumin can na bakin tasha nake kallo, in ya sauke mota biyu ni na sauke ɗaya, na san inda nake."

Na nuna mashi kuma gidaje huɗu da ake jefa kaya bayan an gama lissafi. In kasuwa na bunƙasa da sauri kuma kason kwatance ya haura ɗaya, kayan tauraro ne, a ƙara zuba mashi jari. In ya haura ɗaya amma kasuwar ta lafa, saniyar tatsa ce. In kasuwa na gudu amma kason bai haura ɗaya ba, alamar tambaya. In duka biyun sun yi ƙasa, kare. Ya yi ta dariyar sunayen, ya ce Turawa ba su da ta ido.

Ana gobe jarrabawa ya yi tambayar. Mun ida bita, yana rufe littafi, sai ya sake buɗewa ya ɗora yatsa kan kamfani na biyu, mai dubu huɗu.

"To in wannan aka tambaya fa? Shi ne babba. Da wa za a gwada shi? Ni dai a ganina da mai bi mashi, mai dubu biyu da ɗari biyar. Huɗu a raba da biyu da rabi, ɗaya da ɗigo shida."

Daidai ya faɗa. Haka yake a kowane littafi, haka malaminmu ya nanata mana har muka gaji. Ba wanda ya koya mashi, da hankalinshi ya kai. Ina tuna wata akuya ta leƙo ƙofar siton tana shinshina buhu, na tashi na kore ta, na dawo na zauna. A tsakanin tashi da zaman nan na yanke.

"A'a, Kawu. Ƙa'ida ba ta canzawa. Kullum da mafi girma a kasuwa ake rabawa. In shi ne babba, sai ya raba da kanshi. Amsa ɗaya."

"Mutum ya auna kanshi da kanshi?"

"Shi ne ma'aunin. Mudu ai ba a auna shi da wani mudu."

Ya daɗe yana kallon lambobin. "Bai kwanta mani ba," ya ce. Sannan ya ce, "Amma ku kuka yi karatun." Ya rubuta a ƙasan shafi: in kai ne babba, ɗaya. Ya ja mashi layi biyu kamar yadda ya ja wa bara. Da zan tafi ya sa aka ɗaura mani rake a bayan mashin, ya ce in kai wa mahaifiyata.

A wani ajin sakandare a Ƙanƙara aka yi jarrabawar, ranar da babu ɗalibai. Manya-manyan mutane cikin kujerun yara, gwiwa na dukan teburi. Kawu na jere na gaba, ni ina bayanshi da kujera biyu. Na buɗe takarda na tafi kai tsaye ga babbar tambayar. Bara buhu dubu ashirin, bana dubu ashirin da uku. Kamfani na farko dubu tara da ɗari biyu, na biyu dubu huɗu da ɗari shida, na uku dubu uku da ɗari huɗu da hamsin, sauran ƙanana a haɗe dubu biyar da ɗari bakwai da hamsin. A nemo kason kamfani na farko, maki takwas. A nemo bunƙasar kasuwa, maki takwas. A nemo kason kwatancen kamfani na farko, maki goma sha biyu. A faɗi gidan da ya faɗa da shawarar da za a ba shi, in an ɗauki kashi goma a matsayin iyakar bunƙasa mai sauri, maki goma sha biyu.

Kamfani na farko shi ne babba. Har zuwa lokacin ina gaya wa kaina ƙila ba za ta fito ba, ƙila ƙaramin kamfani za a tambaya, maganar jiya ta bi iska. Na ɗaga kai. Ina hango ƙeyar Kawu da gefen hularshi. Ya rubuta, ya tsaya, ya sosa wuya da bayan biro. Sai na ga hannunshi ya ja layi a kan wani abu, sau biyu, ya sake rubutu. Na sunkuya na yi nawa. Minti goma bai cika ba na gama tambayar.

Da muka fito ya dafa kafaɗata. "Abin nan naka ya fito," ya ce. "Saura kaɗan in yi kuskure, Allah ya sa na tuna."

Bayan kwana tara manaja ya tara mu a ofis, takardunmu a hannunshi. Ya ce kafin ya faɗi sakamako yana son a yi babbar tambayar a allo, domin abin da ya gani a wasu takardu ya hana shi cin abinci. Ya ce mutum ɗaya ne ya cinye arba'in ɗin duka. Ya kira ni, ya miƙo mani alƙalami.

Da ina da sauran imani da na ce kaina na ciwo. Na tashi.

Na rubuta dubu tara da ɗari biyu bisa dubu ashirin da uku, sau ɗari, kashi arba'in. Na rubuta dubu ashirin da uku a cire dubu ashirin, saura dubu uku, a raba da dubu ashirin ta bara, sau ɗari, kashi goma sha biyar. Ina jin muryar Kawu a baya yana cewa "haka ne, haka ne" a hankali. Na zo na uku na rubuta dubu tara da ɗari biyu, na ja layi, na tsaya.

"Ci gaba," in ji manaja. "Ka yi masu bayani da Hausa, su ji da kyau. Me za ka sa a ƙasa?"

"Dubu huɗu da ɗari shida."

"Me ya sa ba dubu biyar da ɗari bakwai da hamsin ba? Ai ta fi yawa. Mutum huɗu a nan ita suka ɗauka."

"Wannan ba kamfani ɗaya ba ne, ranka ya daɗe. Ƙanana ne da yawa aka haɗa. Ba abokin gasa guda ba ne."

"Madalla. To me ya sa ba dubu tara da ɗari biyu ba, tunda ita ce mafi girma a kasuwar?"

Na kalli allo. "Domin kamfani ba ya gasa da kanshi. In kai ne babba, da mai bi maka ake gwada ka."

"Ƙara faɗa da ƙarfi."

Na ƙara faɗa. Na rubuta amsa: biyu. Na ce kamfanin ya ninka mai bi mashi sau biyu, kasuwa na bunƙasa da kashi goma sha biyar wanda ya haura goma, saboda haka tauraro ne, a ƙara mashi jari ya riƙe gabanshi. Ban juyo ba har na aje alƙalami. Bayana ba a ƙara cewa "haka ne" ba.

Manaja ya zaro takarda ɗaya daga tsakiya ya ɗaga ta sama. Bai faɗi mai ita ba, amma duk ɗakin an san rubutun.

"Ku dubi wannan. Bawan Allah ya rubuta dubu tara da ɗari biyu bisa dubu huɗu da ɗari shida. Ya samu biyu. Daidai! Sai ya soke. Ga shi nan, layi biyu. Ya raba kamfani da kanshi, ya samu ɗaya. Daga nan ya ce tunda bai haura ɗaya ba, alamar tambaya ne, kamfani ya yi hattara da zuba jari. Kamfanin da ya riƙe kashi arba'in na kasuwa!" Ya juya ga Kawu. "Alhaji, shekara goma sha bakwai kana sayar mana da iri, ashe da kanka kake ta kokawa ba mu sani ba? Wa ya yi nasara?"

Aka fashe da dariya. Wani wakili daga Sabuwa, wanda shi kanshi talatin da biyu ya ci, har da hawaye. Wani daga baya ya ce, "Alhaji Ɗaya!" aka sake kecewa. Sunan nan ya bi Kawu har kasuwa, har yau akwai masu kiran shi da shi ba su ma san asalinshi ba.

"Wa ya koya maka wannan?" manaja ya tambaya, yana share ido.

Kawu ya gyara zaman hularshi. Ya kalle ni, kallo ɗaya, ba tsawo. Ya ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe. Tsufa ne."

Ya samu goma sha shida a babbar tambayar, talatin da ɗaya a sauran. Arba'in da bakwai. Maki uku suka raba shi da hamsin, ashirin da huɗu kuma na ƙarƙashin layi biyun da ya ja. Aka ba ni kujera. Su biyar da ba su kai ba aka mayar da su 'yan kamasho, ba albashi, kuma aka ce su maido da mashinan kamfani. Manaja ya ba ni jerin sunayen ya ce aikina na farko ke nan, in bi in amso.

Na amso huɗu cikin kwana uku. Na biyar na yi sati biyu ina kewaye-kewaye, sai da manaja ya ce in ba zan iya ba in faɗa mashi ya san irin shugaban da ya naɗa. Na shiga motar haya zuwa Sheme da hantsi, ranar kasuwa.

Na ishe shi ƙofar sito tare da dillalai biyar ko shida, ana shan fura. Mashin ɗin na gefe, an wanke shi tas, an goge har ƙarfen taya, makulli na jiki, takardunshi cikin leda an ɗaure a kan kujera. Na yi sallama zan durƙusa in gaishe shi kamar yadda na saba tun ina yaro. Ya riga ni. Ya aje ludayi, ya tashi daga benci, dattijo mai furfura, ya cire takalmi, ya tsuguna gabana har ƙasa.

"Ranka ya daɗe. Barka da zuwa, ranka ya daɗe. An zo lafiya?"

"Kawu, don Allah ka tashi."

"Ina ni ina tashi gaban shugaba? A kawo wa shugaba kujera."

Mutanen da ke wucewa da awaki suka tsaya kallo. Na tsuguna ni ma, ya ƙara yin ƙasa har gwiwarshi ta taɓa turɓaya. Na matsa kusa na ce a hankali, yadda ba mai ji, "Kawu, kuskure na yi. Da na koma gida na duba littafi, sai na ga ba haka ba ne."

Shi ma a hankali ya amsa. "Da ka koma gida."

"E."

"Ka duba littafi."

"E, Kawu."

"Da safe muka haɗu ƙofar aji. Ka amshi biro ɗaya a hannuna, ka ce naka ya ƙi yi." Ya yi murmushi. "Ba komai, ranka ya daɗe. Ga mashin nan, na cika mashi mai."

Na hau na tafi.

Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba, bai ƙara cewa yaron da ya riƙe ba. Ko'ina muka haɗu, masallacin Juma'a, wurin jana'iza, bakin tasha, sai ya cire takalmi ya tsuguna. Na riƙa canza hanya in na hango shi. Na aika mashi dattawa biyu, ya ce masu shi bai san wani laifi da na yi mashi ba, girmama shugaba kuma ai koyarwar addini ce. Na nemi manaja ya maido shi kan albashi, ya ce in kawo dalili a rubuce. Na zauna da takarda, na ga dalilin guda ɗaya ne, kuma in na rubuta shi kujerata zan rasa. Na yaga takardar.

Kamashon bai riƙe shi ba. Ba mashin, ga hanyar Tafoki da Sabuwa ta zama sai da shiri da addu'a, manoman da ya yi shekaru yana bi suka koma hannun wasu. Kafin damina biyu ya saki siton. Ya koma gonarshi ta gado, ranar kasuwa kuma ya baza tabarma yana sayar da irin alayyafo da kuɓewa a ƙullin leda.

Ranar ɗaurin aurena ya zo cikin farar babbar riga, shi ya amsar mani auren, domin mahaifina ya daɗe da rasuwa. Ya yi komai yadda ya kamata. Da aka shafa fatiha muka shiga cikin gida gaida iyaye mata, mahaifiyata na zaune kan tabarma tsakanin ƙawayenta. Nan, gabanta, ya cire takalmi ya tsuguna mani, ya ce, "Allah ya sa alheri, ranka ya daɗe."

Mahaifiyata ta miƙe tsaye. Ba ta taɓa gani ba, labari kawai take ji tana ƙaryatawa.

"Yaya, mene ne haka?"

"Shugabana ne a wurin aiki."

Ta juyo gare ni. "Kai ka sa shi?"

"Wallahi Inna ban sa shi ba."

"To me ka yi mashi?"

Na buɗe baki. Kawu ya riga ni, yana tsugune. "Ba abin da ya yi mani sai alheri. Sati biyu yana zuwa har Sheme yana koya mani karatu, ko kuɗin mai bai amsa ba. Ni ne kaina bai ɗauka ba."

Ta kalle shi, ta kalle ni. Ita ta haife ni, tare da shi kuma suka tashi ɗaki ɗaya. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta koma ta zauna ta ce wa matan a ci gaba da rabon abinci.

Wata na farko bayan biki na aika wa mahaifiyata buhun shinkafa da jarkar mai, kamar yadda na fara yi tun da na hau kujerar. Da yamma mai mashin ɗin da na aika ya dawo mani da su. Ya ce Hajiya ta ce a gode, tana da sauran dawa.